Neman kalma: alitareshan, asonans da konsonans, me za mu ce musu da Hausa?

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman agaji. 'Yan ajina sun zo daga darasin adabin Ingilishi da kalmomi uku, alitareshan, asonans da konsonans, suna tambayata Hausarsu. Na ce su kawo misali, kowa ya rubuto mini "amsa-amo" ga duka ukun. Sai na tsara baiti ɗaya don su ji da kunnensu. Ba a kan wani kari na aruli na ɗora shi ba, kada masu auna ƙafa su kama ni:

Gabas ta yi gangami, girgije ya gama gayya,
Duhu ya rufe rumbu, kunu ya huce a ƙwarya,
Can sai rugum, tamkar tambarin sarki kan hanya,
Ruwa ya sauka, Iya ta saki dariya.

Amsa-amon dai "ya" ne, wannan ba gardama. Abin da ke faruwa a cikin ɗango na 1, na 2 da na 3 shi nake nema wa suna.

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Malama ai konsonans baƙi ne, kamar b, c, d. Tun firamare aka gama wannan.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Ƙanena, wancan konsonan ne, harafin kansa. Wannan kuwa salo ne na maimaita baƙin. Rabin ajina ma ramin nan suka faɗa, ba kai kaɗai ba.

Tsohon malamin kwaleji, Gusau: Wa alaikumus salam, 'yata. Na farkon yana da suna, ba sai an ƙirƙiro ba. Masu nazarin waƙa sun daɗe suna ce masa karangiya, kuma sunan ya dace: ciyawar nan in ta kama bakin zane ba ta saki, haka sautin yake liƙe wa kalma bayan kalma. Ɗangonki na 1 shi ke nan. Kalmomi biyar sun fara da g: gabas, gangami, girgije, gama, gayya. In aka haɗa da na cikin gangami da girgije, g bakwai ke nan a gaɓa 15.

Amma ki lura da abin da ya yi, don shi ya fi sunan amfani ga yara. Kalmomin da suka ɗauki g ɗin su ne kalmomin taro: gangami, gayya, gama. Ɗangon yana cewa hadari na haɗuwa, kunne kuma yana jin abu iri ɗaya yana ta ƙaruwa har ɗangon ya cika. Ki gwada musu haka: "Arewa ta yi taro, hadari ya kira jama'a." Magana ɗaya ce kusan, amma taron ya watse, don babu abin da ya ɗaure kalmomin. Duk lokacin da kike shakka ko sauti na aiki ko ado ne kawai, ki musanya kalmomin da 'yan'uwansu ki ji me ya ɓace.

Ɗalibi, Zuru: To Baba, in haka ne ai ɗango na 1 yana da asonans ma. Na ƙirga, wasalin a ya zo sau 10 cikin gaɓa 15. Ya fi u na ɗango na 2 yawa, wanda 8 ne kacal. Ni shawarata a ce wa asonans jituwar wasali.

Tsohon malamin kwaleji, Gusau: Ƙirgarka daidai ce, hukuncin ne da gyara. Ƙirga wannan: "Na tafi kasuwa na sayo wa yara masara." Gaɓa 15 ita ma, a guda 12, kuma ba wanda zai ce waƙa na yi. Wasali biyar gare mu, a kuwa ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba, saboda haka kunnen Bahaushe ba ya tsayawa a kansa. U takwas a ɗango ɗaya kuwa ba ya zuwa da ka, sai an nema. Kuma dubi inda suka zauna: duhu, rufe, rumbu, kunu, huce. Duk kalmomin da ke ɗauke da ma'ana ne, waɗanda ba su da u su ne ya, ya, a, sai ƙwarya da amsa-amo ya tilasta.

Akwai abin da rubutun boko yake ɓoye mana kuma. Huɗu daga cikin takwas ɗin dogaye ne, na ƙarshen duhu, rumbu da kunu, da na farkon huce. Mai karantawa dole ya ja su, leɓɓansa a tsuke. Ɗangon sai ya yi nauyi, ya yi jinkiri, daidai lokacin da gida ya yi tsit har kunu ya huce ba wanda ya sha.

Jituwar wasali kuwa ka bar ta, masu nazarin tsarin sauti sun riga sun kama ta ga wani abu dabam. In muka ara za mu rikita yaran da za su ci karo da ita gaba.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Baba, wata abokiyar aikina ta ce a koya musu cewa u wasalin baƙin ciki ne. Ban yarda ba, amma na rasa amsa a take.

Tsohon malamin kwaleji, Gusau: Ki ce mata murmushi, ki ce mata guɗa. Wasali ba shi da ma'anar kansa. A baitinki duhu ne ya fara zuwa, shi ya shafa wa sauran launinsa.

Mai shago, Talata Mafara: Malama, gafara dai, mu nan ba mu cewa rufe, ruhe muka cewa. In ni karanta ɗangon ga, sai in ji h uku: duhu, ruhe, huce. Kenan wurinmu karangiya ta ƙaru. Yaran Zamfara za su ji abin da na Kano ba su ji.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Wallahi ban lura ba, alhali ni ma a gida haka nake faɗa. Wannan ya tabbatar mini duk sunan da za mu sa kada ya ƙunshi "harafi". Abin na kunne ne. Wata yarinya ta ja layi ƙarƙashin kunu da ƙwarya wai sun fara da abu ɗaya, don a wayarta k da ƙ duk ɗaya ake bugawa.

Uwar 'yan biyu, Argungu: Ni dai ban yi nisa a boko ba, amma abin da kuke faɗa ai shi muke yi muna yara: da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto. Ɗana har yau in ya kai tsakiya sai harshensa ya harɗe. Ba karya-harshe ba ne sunan? In kuma sabon suna kuke so, ni da na karanta ɗango na 3 lugude na ji. Mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta saukar wannan ta ɗaga.

Tsohon malamin kwaleji, Gusau: Hajiya, karya-harshe ɗan'uwansa ne amma niyyarsu ta saɓa. Shi yana haɗa sautuka masu kama, k da ƙ da kw, don mai faɗa ya yi tuntuɓe. Mawaƙi kuwa so yake ta zo da sauƙi. Amma lugude kin kawo kalma. Ana ma jin ta a bakin masu nazari, luguden baƙaƙe, luguden kalmomi.

Yanzu na ukun, wanda shi ne mai wuya. A Ingilishi galibi baƙin ƙarshen kalma ake nufi, wasalin gabansa kuma ya bambanta. Harshensu cike yake da kalmomi masu ƙarewa da baƙi. Namu akasari da wasali suke ƙarewa, in ka cire irin su fat, tsaf, wur, rugum, da kalmomin aro, da -n da -r na nasaba. In muka kwafo ma'anarsu yadda take, yara za su yi ta lalube a ƙarshen kalma su dawo hannu rabbana. Mu wurin dubawa shi ne ƙarshen gaɓa. Ɗango na 3 gaɓa 14 ne, tara a rufe suke. Bakwai da n ko m: can, gum, tam, tam, rin, kan, han. Biyu da r: kar, sar. Wasulan sun sha bamban, a, u, i, amma kowace gaɓa cikin bakwai ɗin a hanci take ƙarewa, ta bar gunji, kamar fatar tambari bayan an buga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗango na 4, inda ba a yi komai ba. Ru-wa-ya-sau-ka-I-ya-ta-sa-ki-da-ri-ya. Ba gaɓa ɗaya da baƙi ya toshe. Bayan tara a rufe, baki ya buɗe, ruwa ya zubo. Da kin sa Inna maimakon Iya da kin ɓata shi.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Inna na fara rubutawa, Baba. Na canza ne don ta yi mini nauyi a baki, ban san dalili ba sai yau.

Almajirin zaure, Gwandu: Malamai, a yi mini uzuri. Ni abin da aka nuna mini da sunan konsonans ba wannan ba ne. Misalin da aka ba ni shi ne baƙaƙe su tsaya, wasula su sauya, kamar gida, gado, gudu. Wannan kuwa a balaga muna da shi, jinasi ne, wanda bai cika ba. Me zai hana a ce jinasi a huta?

Tsohon malamin kwaleji, Gusau: Malam, ka yi gaskiya, kalmar Ingilishin tana ɗaukar wannan ma. Amma jinasi kalma biyu yake aunawa, masu kama a furuci su saɓa a ma'ana. Gida da gado za su shiga. Can, rugum da hanya ba za su shiga ba, ba wanda zai ce sun yi kama. Su Turawa sun zuba abu biyu a buhu ɗaya, ba dole mu yi haka ba.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: To ga abin da zan rubuta a allo ranar Litinin, sai in an hana ni. Karangiya ta zauna inda take. Asonans, luguden wasali. Na ɗango na 3, luguden ƙeya, tunda yara sun san ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya daga nahawu, sun san ƙeya baya ce.

Ɗalibi, Zuru: Malama ɗafa-ƙeya ai ƙeyar kalma ce, Baba kuma ya ce ƙarshen gaɓa. Za su koma laluben da ake gudu. Luguden rufin gaɓa fa?

Mai shago, Talata Mafara: Wanga ya yi tsawo, ba yaron da ka riƙe shi.

Almajirin zaure, Gwandu: Ni har yanzu ban ji inda aka ajiye gida, gado, gudu ba.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Ba a ajiye su ba, Malam. Biyu zan rubuta, na ukun in karanta musu ɗangon sau uku in ji me su za su kira shi.