Wokin yana cinye min lokaci: in bar shi in riƙa rubuta amsa kawai?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Zan zauna jarrabawar akanta ta ATSWA mataki na biyu a watan Satumba, ina ta bin tambayoyin baya na akawun. Matsalata, in na tsaya rubuta wokin layi-layi, lokaci yana ƙarewa ban taɓa tambayar ƙarshe ba. Sai na koma buga komai a kalkuleta ina zuba amsa kawai. Jiya na yi wata: an sayi inji ₦2,400,000 ranar 1 ga Janairu 2021, darajarsa tana raguwa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara a kan abin da ya rage, aka sayar da shi ₦1,300,000 ranar 1 ga Yuli 2023. Na samu asarar ₦114,800, amsar littafi ₦82,400, kuma na rasa inda na kauce. Yayyena, in ci gaba da amsa zalla don in gama, ko in koma wokin ko da zan bar tambaya ɗaya?

Baban Iman: Wa alaikumus salam. Ka dage da tashin dare da addu'a, kuma ka nemi lasin mai kyau. Akwai wani a unguwarmu, dubu talatin kwas ɗaya.

Sarkin Zolaya: Asarar dubu 114 a takarda kake wa kuka? Zo kasuwa ka ga ta gaske.

Anti Akanta: Ƙanena, na bi lissafinka da baya na gano wurin. Shekarar farko 480,000 ce, saura 1,920,000. Kashi 20 na wannan 384,000 ne, kai kuma 348,000 ka ɗauka, ka juya 8 da 4. Daga nan ragowarka ta zama 1,572,000 maimakon 1,536,000, rabin shekarar 2023 ya ba ka 157,200 maimakon 153,600, darajar injin ranar sayarwa ta fito 1,414,800 maimakon 1,382,400. Cire 1,300,000, ga 114,800 ɗinka nan.

To duba. Hanyarka daidai ce daga farko har ƙarshe: ka yi a kan ragowa, ka tuna wata shida ne ba shekara ba, ka cire kuɗin sayarwa. Layi ɗaya kaɗai ka ɓata. Da ka rubuta haka a takardar amsa:

```
W1
2021: 2,400,000 x 20% = 480,000
2022: 1,920,000 x 20% = 348,000
2023: 1,572,000 x 20% x 6/12 = 157,200
```

mai maki zai ga layin farko daidai, na biyu an ɗora shi daidai hannu ne ya zame, na uku hanyarsa ba laifi. Yana da abin da zai ɗora biro a kai. Amma 114,800 tsirara, me zai yi da ita? Ba ta cikin takardarsa, sai ya wuce. Layi uku ne fa, ba su kai minti biyu ba.

Mai Shago Sabon Gari: Ni dai na ci JAMB ban rubuta wokin ko ɗaya ba. Amsa ake so.

Sarkin Zolaya: Alhaji, kwamfuta ce ta yi maka maki, A B C D. Nan maganar tiyori ake.

Abu Sabuwa: Ku bar ni in faɗi tawa, don har yau tana ci na. Wani malamin lasin, ba zan kama suna ba, shi ya koya mana wai takardar amsa ta zama fes, kada mai maki ya ga ƙazanta. Duk lissafi mu yi shi a bayan takardar tambaya da fensir. Na bi. Ranar jarrabawa tambayar haɗin gwiwar 'yan kasuwa ta fito, wadda na fi iyawa. Na cika bayan takardar tambaya da ruwan jari, albashin abokin hulɗa, rabon riba, komai. Na kwafe amsoshi tsaf cikin littafin amsa. Ashe tun a ribar farko na manta ban cire wani kuɗin haya da ake bi ba, duk abin da ya biyo baya ya gurɓace. Sakamako ya fito, maki kaɗan ya hana ni. Abin takaicin, wokin ɗin yana gida, na ninke takardar na taho da ita a aljihu. Kuɗin rajista, kuɗin lasin, wata shida na jira, duk sun tafi. Da na koma na gaya wa malamin, cewa ya yi ƙaddara ce. Dubu hamsin na ba shi.

Baban Iman: Hamsin? An cuce ka. Talatin ne.

Maman Sultan: Wane talatin? Ni dubu goma sha biyar nake biya duk wata, kwas biyu. Allah ya mayar maka da alheri, Malam Abu.

Ɗalibin ACCA: Maganar a taƙaice: akwai ƙa'idar da ake bin alƙalumanka. In ka yi kuskure sau ɗaya, sau ɗaya za a hukunta ka, sauran duk cikakken maki ne. Don haka ko me ka rubuta, in dai ka ci gaba da shi, ka tsira.

Anti Akanta: Rabin farko gaskiya ne, an san ACCA da wannan. Amma "ko me ka rubuta" ɗin nan zai kai yaro rami. Da Ɗan Fagge ya cire 480,000 duk shekara, wato ya bar hanyar da aka ce ya bi wata, ba zamewar hannu ba ce, bai fahimci tambayar ba, makin raguwar darajar ya tafi. Sannan alƙalamin da ka ɗauko sai an ga daga ina ya fito. Shi ya sa ake sa W1 a gefensa cikin asusun, a kuma sa wa wokin ɗin kansa suna. Lambobi barkatai a ƙasan shafi ba wanda zai tsaya tsince maka.

Ɗalibin ACCA: Anti, da girmamawa, kin taɓa yin makin ne? Don kowa a nan ji ya yi.

Anti Akanta: Ban ce ina maki ba. Ɗan Fagge ya buɗe Insight, littafin tambayoyi da amsoshin ATSWA, na zaman da suka wuce, ya ga yadda amsoshin suke zuwa da wokin ɗinsu, ya karanta sharhin masu jarrabawa da kansa.

Malam Na Sakandare: Ni ina koyar da 'yan WAEC. Yarana ina ce musu ko cikin baka ne su sa: haya (600,000 − 50,000) 550,000. Ba sai an buɗe shafi guda ba. In sun yi kuskure, layi ɗaya za su ja a kai, a iya karanta abin da ke ƙasa. Amma ban yarda kowace hukuma tana bin alƙaluman ɗalibi har ƙarshe ba, wani wurin tik ɗin na lambar daidai ne kawai.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Anti, wallahi 348 ɗin ce. Amma maganar lokaci fa? Ita na tambaya.

Anti Akanta: Awa uku, maki ɗari, kowane maki minti 1.8 ke nan. Tambaya mai maki 12½ ba ta wuce minti 22 da rabi. Sa agogo. In ya cika, tashi ka koma ta gaba ko balans shit bai daidaita ba. Ina zargin ba wokin ke cin lokacinka ba, neman bambanci ne.

Maman Sultan: Ni Insight ɗin ne ma matsalata. Mai hoto ya karɓi dubu huɗu, na zo gida na tarar shafukan wokin ɗin ne babu, daga tambaya sai amsar ƙarshe.

Baban Iman: Dubu biyu da ɗari biyar na yi nawa.

Ɗalibin ACCA: Ku sauke a shafin ICAN mana, me ya kai ku shagon hoto?

Maman Sultan: Kai ka taɓa bin asusu mai layi shida a waya? Ga ba wuta.

Abu Sabuwa: Masu hoton nan da masu lasin bakinsu ɗaya. Namu shi ke sayar da handawut ɗinsa, in ba ka saya ba ba ya duba maka aiki.

Sarkin Zolaya: Maman Sultan, koma ki ce ya nuna miki wokin ɗin dubu huɗun. Wane shago ne, na bakin titi ko na cikin layi?