Kuɗaɗen kirifto goma sha biyu, faɗuwa iri ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar kirifto. Ina zaune a Jidda, kuma na raba riyal 20,000 a kan kuɗaɗen kirifto 12 domin in rage haɗari. Riyal 5,000 ne kawai na sa a Bitcoin, sauran suna Ethereum, Solana da wasu ƙanana. Amma ranar da Bitcoin ya sauka da kashi 5 cikin ɗari, jimillar kuɗina ta sauka da kusan kashi 9, kuma babu ko ɗaya da ya tashi.

Na ɗauki sauyin farashi na kullum na kwana 90, na auna kowanne da Bitcoin ta hanyar CORREL a Excel, wato lissafin da ke nuna yadda farashi biyu ke tafiya tare, inda 1 ke nufin cikakkiyar tafiya tare, sai yawancinsu suka ba ni tsakanin 0.7 da 0.85. Abin da ya fi damuna shi ne, idan na ware ranakun faɗuwa kaɗai, adadin yana ƙara matsowa kusa da 1, wato rarrabawar tana gazawa a daidai lokacin da nake bukatarta.

Don Allah, ta yaya zan lissafa ainihin kason dukiyata da ke rataye a kan Bitcoin? Shin in fitar da beta na kowanne, wato ma'aunin yadda yake motsawa idan Bitcoin ya motsa, da SLOPE a Excel, in ninka da kasonsa, sannan in tara? Kuma kwana 90 sun wadatar?