Don Allah a duba min ma'anonin da na rubuta wa 'yan aji ɗaya na tattalin arziki

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu ce ta ɗora min aikin haɗa ƙaramin kundin ma'anar kalmomi saboda sababbin ɗalibai, kalmar Turanci a sama, bayani da Hausa mai sauƙi a ƙasa. Tun farko ba ni aka ba ba, wata 'yar ajinmu ce, sai aka sa ranar bikinta ta ajiye, shugaban ƙungiya ya kira ni gaban mutane, na kasa cewa a'a saboda shi ya tsaya min lokacin da sakamakona ya ɓace a aji ɗaya. Ga jarabawar gwaji a gabana, ga ƙanwata ba lafiya ni ke jinya. Dokar da na sa wa kaina ita ce kowace ma'ana layi ɗaya tak, don a buga a takarda guda gaba da baya. Misali: "Buƙata: abin da mutane suke so su saya." "Dokar buƙata: in farashi ya hau, mutane su rage saye." "Hauhawar farashi: tsadar kaya a kasuwa." Na gwada wa wani yaro ɗan aji ɗaya, sai ya ce to ai da azumi sukari tsada yake yi kuma an fi sayensa, ina dokar? Wallahi na rasa amsar da za ta shiga layi ɗaya. Ya zan yi?

Malamin kwalejin ilimi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yaron nan ya yi miki aikin da mai duba rubutu zai yi, ki riƙe shi. Matsalar tana cikin ma'anarki ta farko, ita ta haifi ta biyun.

Abin da mutum yake so bai zama buƙata ba a wannan fanni sai yana da kuɗin saye kuma yana shirye ya biya. Sannan buƙata ba adadi ɗaya ba ce, jadawali ne: a kowane farashi, nawa za a saya, cikin wane lokaci. Ɗauki shago ɗaya, da lambobin da na ƙirƙira don misali. A watan Rajab, in kwanon sukari yana naira 3,000 ana sayen kwano 50 a mako, in ya koma 3,600 sai a sayi 45. Wannan jadawalin gaba ɗayansa shi ne buƙata. Ita 50 ɗin ko 45 ɗin sunanta adadin da ake nema, kalma ce daban, wurinta daban a kundinki.

Azumi ya kama, kowane gida ana dama kunu da koko, ana shayin sahur, masu hali suna rabon sadaka. Jadawalin ya canza ɗungurungum: a 3,000 za a sayi 80, a 3,600 za a sayi 70. Abin da yaron ya gani shi ne 3,000 da kwano 50 kafin azumi, sai 3,600 da kwano 70 cikin azumi. Ya ɗauko lamba ɗaya daga tsohon jadawali, ɗaya daga sabo, ya haɗa su. Amma ki duba cikin jadawalin azumin kansa, daga 80 aka sauko 70 da farashi ya hau. Doka tana nan. Abin da kika yanke daga cikinta shi ne sharaɗin "muddin sauran abubuwa ba su canza ba", wato kuɗin shigar mutane, lokaci, yawan masu saye, farashin abin da zai iya maye gurbinsa. Ba a cire wannan sharaɗi don neman gajarta, ko da kuwa takarda za ta ƙare.

Mai shagon kayan masarufi:
Malam ya faɗi gaskiya a kan sukari, amma ni 'yar uwa abin da zan ce ki rubuta wa yaran nan shi ne kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban sake gane lissafin shagona ba. Buhun da nake ɗaukowa daga Singa, kuɗin ɗan sahu da ɗan dako kaɗai ya isa ya cinye ribar. Mai saye ya zo yana zagina wai mu ne muke tsauwala wa talaka. Har bashin da nake ba maƙwabta na daina, an cinye min jari. Ma'anarki ta hauhawar farashi daidai take, tsadar kaya ce, mu da muke cikin kasuwa mun san ta.

Tsohon ɗalibin sashen:
Ƙanwata kada ki wahalar da kanki. A jarabawa ba Hausa za su rubuta ba. Ki kwafo ma'anonin littafi yadda suke, kamar ma'anar tattalin arziki ta masani Robbins ta 1932 da duk muka haddace tun sakandare, su haddace su ci maki. Mu a lokacinmu akwai malamin da in ka canza kalma ɗaya daga takardar da ya sayar mana, sifili ne. Na maimaita kwas ɗinsa saboda na yi bayani da fahimtata. Har yau abin yana min ciwo.

Ɗalibar aji uku:
Na gode Malam, na gane misalin. Amma bayaninka ya kai rabin shafi, ni kuma kalmomi 60 ne a hannuna, kuɗin bugawa na takarda ɗaya aka ware. Kuma yaran nan da yawansu daga makarantun gwamnati na karkara suka fito, suna ganin dogon rubutu za su ajiye. Shi ya sa na zaɓi layi ɗaya, ba don lalaci ba. Yaya, ma'anonin littafi ai suna da su, rashin gane su ne ya sa aka ce a yi wannan.

Malamin kwalejin ilimi:
Ban ce ki kwafe bayanina ba, don ke na yi shi. Abin da zai shiga kundi bai wuce haka ba:

"Buƙata: yawan kayan da masu saye suke da niyya da halin saye a kowane farashi, cikin wani lokaci. Misali: jadawalin sukarin da za a saya a mako a farashi daban-daban. Ba ita ba ce: sha'awar mota ga wanda ba shi da kuɗinta."

Layi uku ke nan: ma'ana, misali, da abin da ake rikita ta da shi. Na ukun ya fi sauran amfani, don a nan ɗalibai suke faɗuwa. In wuri ya yi kaɗan, kalmomi za ki rage. Ashirin da biyar masu inganci sun ishi zangon farko.

Alhaji mai shago, ka yi haƙuri, a nan ba mu dace ba. Tsada hali ne da kaya suke ciki, hauhawa kuwa gudun da farashi yake yi sama ne. Kuma ba na kaya ɗaya ba. In tumatur ya yi tsada da damina ya sauko da rani, ba a kira shi hauhawa. Sai farashin kaya da ayyuka a dunƙule ya ci gaba da tashi na tsawon lokaci. Ga inda ma'anar "tsadar kaya" za ta kayar da ɗalibi: mudu yana naira 1,000, hauhawar bana kashi 30 cikin ɗari, ya koma 1,300. Baɗi hauhawa ta sauko zuwa kashi 20, mudun ya koma 1,560. Hauhawa ta ragu, tsada ta ƙaru. Wanda ya haddace layinki zai rubuta cewa kaya sun yi sauƙi, a soke masa.

Ma'aikaciyar banki:
Wannan na ƙarshen ya faru a zahiri ma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.80 a Disamban 2024, sai a Janairun 2025 ta ba da 24.48. Mutane suka yi ta cewa ƙarya ce tunda ba abin da ya sauko a kasuwa. Alhali sabunta ma'aunin aka yi, aka mayar da shekarar da ake kwatanta farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, aka sake jerin kayan da ake bin farashinsu. Ki sa wannan a matsayin misali, za su tuna. Shawarata kuma ki jera kalmomin bisa harufa, don mai nema ya samu da sauri.

Malamin kwalejin ilimi:
Lambobin Hajiya haka suke, amma ban yarda a sa su a kundin 'yan aji ɗaya ba. Abu biyu ne suka cakuɗe a ciki, saurin tashin farashi da canjin ma'auni, yaro zai fita da ruɗani biyu maimakon ɗaya. Misalin mudu ya wadatar. Jerin harufa ma ban goyi baya ba. A Turanci buƙata tana harafin D, adadin da ake nema yana harafin Q, sun rabu da nisa, alhali amfaninsu a gan su kusa da juna. Ki jera bisa darasi: ƙarancin abin biyan buƙata da zaɓi da farko, sai kasuwa, sai kuɗi da farashi. Kuma ki tabbata ba ki yi amfani da wata kalma a cikin ma'ana ba kafin ki bayyana ta a sama. Na koyar da wannan kwas shekaru masu yawa, haka ake yi.

Ma'aikaciyar banki:
Malam, kundin ma'ana ba littafin darasi ba ne. Wanda yake karatu da dare ya ci karo da kalma, bai san darasin da take ciki ba, ta ina zai fara nema? A rubuta "duba kaza" a ƙarshen layi, an gama.

Ɗalibar aji uku:
Na riga na jera bisa harufa, kuma haka shugaban ƙungiya ya gani ya amince, ba zan iya komawa in ce masa na wargaza ba. Na ƙara "muddin sauran abubuwa ba su canza ba" a dokar buƙata. Hauhawar farashi na mayar "ci gaba da tashin farashin kaya a dunƙule", har yanzu layi ɗaya ne. Rage kalmomi zuwa 25 kam ba zai yiwu ba, daga manhajar kwas ɗin na tsamo su, in na cire wata ta fito a jarabawa ni za a zaga. Layin "ba ita ba ce" ɗin ne nake tunani, ko in sa shi a kalmomi goma kawai masu rikitarwa. Wa zai taimaka ya zaɓar min goman?

Mai shagon kayan masarufi:
Ni dai batun sukarin nan bai kwanta min ba. Malam ya ɗora komai a kan masu saye. Ai tun Sha'aban manyan dillalai suke riƙe kaya a sito, mu je da kuɗinmu a ce babu, sai farashi ya tashi a fito da shi. Wannan a wane jadawalin yake?

Malamin kwalejin ilimi:
A jadawalin masu sayarwa yake, Alhaji, kuma shi ma yana iya motsawa lokaci ɗaya da na masu saye. 'Yata, turo min abin da kika rubuta a kan wannan ɓangaren kafin ki kai wa mai bugawa, ina zargin shi ma layi ɗaya ne babu farashi babu lokaci a cikinsa.

Tsohon ɗalibin sashen:
Ni har yanzu ba a amsa min ba. Malamin da zai yi musu makin ya ga kundin nan kuwa?