Ƙwan kajina ya fara fita da ɓawo marar kauri, ina neman shawara

Mai tambaya, daga Ikorodu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da kaji masu ƙwai guda 300, satinsu 38 da haihuwa, a ɗaki mai rufin kwano. Tun shigowar watan Maris nake tsintar ƙwai wajen ashirin kullum da suka tsage tun kafin su shiga kiret, wasu kuma ba ɓawo sam, sai fata mai laushi kamar leda. Kajin ba sa tari, sai dai haki da rana. Suna cin kilo 30 a yini, kuma saboda tsadar abinci nakan haɗa buhu uku na abincin kamfani da buhu ɗaya na dusar alkama, kowanne kilo 25. Don Allah me ke jawo wannan?

Mai sayar da kayan haɗin abincin kaji, daga Oko-Oba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ƙarancin kalsiyam ne, ba wani abu ba. Ki sayi garin ƙashi ki zuba musu da yawa a cikin abinci, cikin kwana kaɗan za ki ga ɓawon ya dawo. Yawancin masu zuwa shagona da wannan ƙorafi shi nake ba su.

Likitan dabbobi, daga Agege:
Malam ya gano ciwon, amma ban yarda da maganin ba. Garin ƙashi yana ɗauke da kalsiyam, sai dai yana ɗauke da fosforos mai yawa tare da shi, kuma idan fosforos ya wuce kima a abincin kaza mai ƙwai shi kansa yana rage kaurin ɓawo. Abin da ake buƙata a nan shi ne ɓawon kawa ko dakakken dutsen laimiston, waɗanda kusan kashi 38 cikin ɗari na nauyinsu kalsiyam ne.

Hajiya, bari mu yi lissafi da alƙaluman da kika bayar. Kaza tana zuba kimanin giram 2 na kalsiyam a ɓawon kowane ƙwai, kuma tun da ba duk abin da ta ci ne hanjinta ke tsotsewa ba, sai ta ci kusan giram 4 a yini kafin ta wadatu. Mu ɗauka abincin da kike saya yana da kalsiyam kashi 3.8 cikin ɗari, ki duba jikin buhun don ki tabbatar. Dusar alkama kusan ba ta da shi, saboda haka haɗin buhu uku da ɗaya ya mayar da shi wajen kashi 2.9. Sannan kilo 30 ga kaji 300 yana nufin giram 100 ga kowace, alhali a lokacin sanyi za ta ci 110 zuwa 120. To, kowace kaza tana samun giram 2.9 ke nan, giɓin ya haura giram ɗaya kullum. Wannan giɓin daga ƙashinta take cike shi, har sai ƙashin ya gaza, a lokacin ne ɓawo ke lalacewa. Ki kama ƴan kaji da dare ki shafa ƙashin ƙirjinsu, idan kin ji ya lanƙwashe ko ya yi laushi, to sun daɗe suna ranta daga jikinsu, kuma abin da ke biyo baya shi ne kaza ta kwanta ta kasa tashi.

Ki daina haɗa dusar daga yau. Ina sane da halin da farashin abinci ke ciki, amma ƙwai ashirin a kullum ya fi kiret huɗu a mako, ki auna da abin da dusar ke rage miki. Sannan ki riƙa barbaɗa musu ɓawon kawa giram 3 ga kowace kaza, wato kusan kilo ɗaya ga garken duka, har tsawon mako biyu. Abu biyu ne kada ki yi sake da su. Ya zama mai tsakuwa-tsakuwa, girman milimita 2 zuwa 4, ba gari ba, kuma a ba su da la'asar. Dalili shi ne ƙwai yana shafe kusan awa 20 a inda ake gina masa ɓawo, mafi yawan aikin kuma da dare ne lokacin da kazar ba ta cin komai. Gari yana wucewa da sauri, amma tsakuwar tana zama a ƙundu tana narkewa a hankali har asuba.

Wani mai sarin ƙwai, daga Mil 12:
Ni a ganina hanya ce. Duk wanda ke ɗauko ƙwai daga Ikorodu a bayan Keke ya san yadda ramuka ke yi masa. Ki koma kiret ɗin takarda, ki daina jera fiye da shida.

Mai tambaya:
Na gode Alhaji, amma a cikin ɗakin nake tarar da su a haka, tun ba su ga titi ba. Likita, hakin da suke yi fa, yana da hannu a ciki?

Likitan dabbobi:
Yana da hannu sosai, Hajiya, kuma shi ne dalilin da ya sa matsalar ta jira watan Maris duk da cewa wataƙila kin daɗe kina haɗa dusar. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, kuma a cikin hakin tana zubar da iskar kabon fiye da kima, wadda daga gare ta ne jini ke samar da kabonet ɗin da ke haɗuwa da kalsiyam ya zama ɓawo. A Legas damshin iska yana ƙara tsananta abin, domin haki ba ya sanyaya jiki sosai idan iska ta jiƙe. Ki shimfiɗa ganyen kwakwa a kan kwanon, ki ɗage labulen buhu na gefe, ki rufe tankin ruwa daga rana domin kaza ba ta son ruwa mai ɗumi. Ki raba abinci, kashi ɗaya cikin uku da sassafe, sauran bayan ƙarfe huɗu. Masu haɗa abincinsu da kansu sukan sa bekin soda kilo 2 a tan ɗaya a madadin wani ɓangare na gishiri, amma ke da kike sayen haɗaɗɗe ki fara da inuwa da ruwan sanyi tukuna.

Wata mai kiwo, daga Badagry:
Likita, ni na yi duk wannan a bara, na ba su ɓawon kawa har na gaji, ɓawon bai gyaru ba. Daga baya wani ya ce ruwan rijiyar burtsatsenmu ne, don yana da ɗanɗanon gishiri. Na koma sayen ruwan tanka, abin ya ragu amma bai tafi duka ba. Kajin sun kai sati 70 a lokacin.

Likitan dabbobi:
Ruwa mai gishiri yana ɓata ɓawo, wannan sananne ne, kuma garuruwan bakin ruwa irin naku sun cancanci a gwada ruwansu. Sai dai a sati 70 shekaru ma suna aikinsu, domin ƙwai yana ƙara girma amma kalsiyam ɗin da kazar ke iya shafa masa bai ƙaru ba. Zai yi wuya a raba wanne ya fi yi miki ɓarna, balle idan abincin ya daɗe a ajiye cikin zafi da damshi har bitamin D3 ɗinsa ya yi rauni, tun da in babu shi hanji ba ya ɗaukar kalsiyam komai yawansa.

Hajiyar Ikorodu, ki ƙirga fasassun ƙwai kullum ki rubuta. Idan abinci da zafi ne, za ki ga sauƙi cikin mako guda zuwa kwana goma. Idan ba ki gani ba, ko kuma yawan ƙwan ya faɗi lokaci guda, launin ɓawo ya koɗe daga ruwan ƙasa zuwa fari, ko ya fito da tamoji, ki fasa ɗaya a faranti ki duba. Farin ƙwai da ya tsinke kamar ruwa yana nuni ga cutar mashaƙo mai yaɗuwa ko Niyukasil, akwai kuma cutar EDS wadda kaji ke cin abincinsu lafiya lau amma ƙwai na fita ba ɓawo. Waɗannan ba a raba su da ido, sai an ɗebi jini. Yaushe kika yi musu Lasota, wato rigakafin Niyukasil, na ƙarshe?

Mai tambaya:
A watan Janairu ne, Likita. Allah ya saka da alheri. Gobe zan aika Oko-Oba a sayo ɓawon kawar, kuma yau da dare zan shafa ƙirjin nasu in faɗa muku abin da na ji.