Talabijin yana ɓacewa daga wayata: in ware masa adireshi a rauta, ko in sayi sabuwa?

Maman_Ikram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Chromecast a bayan talabijin, ina tura wa yara bidiyo daga wayata. Matsalar ita ce yakan yi kwana ɗaya ko biyu lafiya, sai in danna alamar Cast in tarar ba ya cikin jerin. Wani lokacin kuma sunan yana nan, amma in na taɓa sai ya yi ta juyawa ya kasa haɗuwa. Idan na zare shi daga wuta na mayar sai ya dawo. Na lura a Google Home jiya adireshinsa 192.168.0.103 ne, yau 192.168.0.107, kuma abin ya fi faruwa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Ƙanena ya ce in ware masa adireshi ɗaya a rauta, maigida kuma ya ce rautar ce ta tsufa, a sayi wata. Wanda ya taɓa shiga wannan don Allah ya faɗa mini abin da ya gani kafin a kashe kuɗi.

Sadiq_K: Wa alaikis salam. Canza DNS zuwa 8.8.8.8, shi ke nan. Ni da na yi haka komai ya gyaru.

Baba_Audu: Hajiya, adireshin da ba ya canzawa ai saya ake yi. Na taɓa tambaya don kyamarorin ofis, kamfanin intanet suka ce sai an ƙara kuɗi duk wata, kuma ba kuɗi kaɗan ba. Don kallon yara ban ga ya kai ba.

Hauwa'u_M: Baba, kyauta ne fa. Ni ko sisi ban biya ba.

Baba_Audu: To ni dai an caje ni, 'yata, rasit yana nan.

Malam_Nura: Dukanku gaskiya kuka faɗa, abu biyu ne daban. Wanda aka caji Baba shi ne adireshin da duniya ke ganin gidan da shi daga waje. Wanda Maman Ikram ke nufi na cikin gida ne, mai farawa da 192.168, rautarta ce ke rabawa, ba ruwan kamfani da shi.

Hajiya, rauta aron adireshi take bai wa kowace na'ura na wani lokaci, a shafinta za ki ga an rubuta Lease Time. Da rabin lokacin ya cika na'urar kan nemi a sabunta mata, kuma yawanci wanda ke hannunta ake bar mata. Shi ya sa in wuta ba ta yanke ba adireshi kan daɗe bai motsa ba. Amma ƙananan rautoci da yawa in sun mutu sukan manta wa suka ba me, sai su sake rabo, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Canjin 103 zuwa 107 da kika gani ya yi daidai da wannan.

Sai dai alamu biyu kika kawo, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Waya ba ta haddace adireshin Chromecast ta dogara da shi har abada. Cigiya take yi ga duk na'urorin gidan ta hanyar da ake kira mDNS, shi kuma ya amsa da sunansa da adireshinsa na yanzu. Idan sunan ya fito amma haɗuwa ta ƙi, mai yiwuwa wayar na riƙe da tsohon adireshi, ko an bai wa na'urori biyu adireshi ɗaya, kuma a nan warewa tana magani. Idan sunan bai fito ba sam, cigiyar ce ba ta isa ba, kuma warewa ita kaɗai ba za ta kai ta ba. Duk da haka ki ware ɗin, domin shi zai ba mu hanyar gano wanne ne.

Sadiq_K: Malam, kana nufin nawa ƙarya ne? Ya yi mini aiki.

Malam_Nura: Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Da ka canza DNS a rauta ta sake tashi, kuma sake tashin kan dawo da na'urar na ɗan lokaci. Cigiyar ba ta fita daga gida, ba ta bi ta 8.8.8.8.

Garba_Tela: Ni dai gargaɗi zan yi, don wannan abin ya taɓa hana ni barci. Akwatin kallona yana da wurin sa adireshi da hannu, na shiga IP settings na zaɓi Static na rubuta 192.168.1.5. Ya yi aiki har na fara ba mutane shawara. Ashe rautar ba ta san na ɗauki wannan lamba ba, kuma tana cikin waɗanda take rabawa. Ranar da 'yata ta dawo da kwamfutarta, ita aka ba 5. Yarinya na tsakiyar jarrabawa ta intanet, layin ya dinga yankewa yana dawowa, duk lokacin da aka kunna talabijin a falo. Ba wanda ya haɗa abin da talabijin. Na kira kamfanin intanet, suka turo wani ya taɓa nan ya taɓa can ya ce layinsu ƙalau ne, ya karɓi kuɗin zuwa ya tafi. Na sayi sabon kebul, na canza wurin rauta, na yi wa yaran gida faɗa cewa su ke cinye intanet. Jarrabawar nan sai da ta sake ta a zango na gaba. Daga baya wani abokin karatunta ya ga saƙon da kwamfutar ke nunawa cewa wata na'ura na amfani da adireshinta. Tun ranar ba na taɓa shafin rauta, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa.

Hauwa'u_M: Allah sarki. Allah ya ba ta sa'a a na gaba. Amma Yaya Garba, kai a jikin akwatin ka sa, ita a rauta za ta sa. Rauta in ita ta ware, ba za ta bai wa wani ba.

Garba_Tela: Haka kowa ke cewa kafin abu ya lalace.

Ɗan_Ƙwallo: Ni matsalata ba ɓacewa ba ce. Ina tsakiyar kallon wasa sai ƙanwata ta tura waƙoƙinta daga ɗaki. Malam Nura, akwai saitin da zai sa talabijin ya ɓace daga wayarta ita kaɗai? 😂

Maman_Ikram: Malam Garba, ka tsorata ni gaskiya. Amma nawa ƙaramin nan ne marar rimot, ban ma ga inda ake sa masa adireshi da hannu ba. Malam Nura, na shiga 192.168.0.1, na ga DHCP Server, rabon daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199, Lease Time 120. A ƙasa akwai Address Reservation. Me zan rubuta?

Malam_Nura: Madalla, kin isa wurin. 120 ɗin minti ne, wato awa biyu. Abu biyu zai tambaye ki: MAC Address da adireshin da kike so. Na farkon lambar jikin na'urar ce, kashi shida, kowane kashi alama biyu. Ki ɗauko ta daga Google Home, a saitin na'urar, wurin Device information, kusa da inda kika ga 107. Kada ki zaɓa daga jerin rauta da ka, domin in talabijin ɗin kansa yana shiga intanet shi ma yana cikin jerin da tasa lambar, kuma mutane kan ware wa talabijin su bar sandar da ke bayansa. Ki ba shi 192.168.0.150, ki fara duba jerin ki tabbata ba wanda ke riƙe da ita. Ki danna Save, sannan ki zare Chromecast daga wuta ki mayar, in ba haka ba zai ci gaba da riƙe 107 har lokacin sabuntawa ya zo. Ki koma Google Home ki ga ko ya nuna 150.

Ranar da ya sake ɓacewa, kada ki zare shi. Ki buɗe Command Prompt a kwamfutar da ke kan waifai ɗaya da shi ki rubuta:

```
ping 192.168.0.150
```

Idan ya amsa amma waya ba ta ganinsa, yana nan da ransa, cigiya ce ake tarewa. Sai mu duba ko wayar ta koma kan Guest, ko VPN na kunne, ko AP Isolation, saitin rauta da ke hana na'urorin waifai ganin juna, a kunne yake. Akwai kuma IGMP Snooping, wanda a wasu rautoci kunna shi ke gyara abin, a wasu kashe shi. Idan bai amsa ba, na'urar ce ta faɗo daga waifai, sai a yi maganar nisa da ƙarfin sigina.

Injiniya_Bash: Malam, 150 na cikin rabon. Ka'ida ita ce a ware a waje, kamar 192.168.0.50. Shekaru ina wannan aikin, ban taɓa warewa a ciki ba.

Hauwa'u_M: Tawa ƙin karɓa ta yi da na sa a waje, ta ce dole lambar ta kasance cikin rabon.

Injiniya_Bash: Wannan ba rautar aiki ba ce.

Hauwa'u_M: Ita ke gidana, Injiniya, kuma irinta ce a gidan Maman Ikram, ba irin ta ofishinku ba. Tun da na ware wa nawa a ciki bai sake ɓata ba, sai sau ɗaya da na sa masa kebul. Ashe lambar kebul daban ce da ta waifai, sai da na sake warewa.

Garba_Tela: Kun gani? Masanan ma ba su daidaita ba.

Zainab_A: Ku dai kun ji daɗi da kuke iya shiga shafin. Rautar da kamfaninmu ya kawo a kulle take, kalmar sirrin da suka ba ni sunan waifai kawai take canzawa. Na nemi su ware mini adireshi suka ce ba sa yi wa masu layin gida. Na sayi tawa na jona a bayan tasu, sai ga waifai biyu a gida: waya a 192.168.1, talabijin a 192.168.0, ba sa ganin juna ko kaɗan. Na ware adireshi a tawa bai hana komai ba, don wayar da kanta take komawa tasu in na shiga ɗaki.

Malam_Nura: Zainab, ki sa wayar ta manta da waifai ɗin tasu, kowa ya zauna a taki. Ko ki mayar da taki Access Point, amma kin ga a nan rabon adireshi ya koma hannun tasu, warewar da kika yi ta daina aiki.

Baba_Audu: Nima tasu a kulle take. Kuɗin na'urar ni na biya, amma sai na roƙi izini kafin in duba cikinta. Ina dalili?

Zainab_A: Kuma in suka sabunta ta daga can cikin dare, ɗan abin da ka samu ka saita ma yakan koma yadda yake. Akwai wanda ya taɓa samu suka buɗe masa?

Maman_Ikram: Na yi, yanzu 150 yake nunawa. An ɗauke wuta da yamma, da ta dawo na tura ya haɗu nan take. Amma wayar maigida ba ta ganinsa har yanzu, tawa tana gani. Shi ya ce wannan shaida ce rautar ta tsufa.

Hauwa'u_M: Ki karɓi wayar ki duba sunan waifai ɗin da yake kai, da ko akwai ɗan makullin nan na VPN a saman allon.

Maman_Ikram: Ya fita da ita. Sai ya dawo.