Me za mu kira awannin da malama ke rufe ƙofa don ta yi rubutu?

Malamar Ilimin Ƙasa: Assalamu alaikum. Ina neman kalmar da zan rubuta a takarda in manna a ƙofar ofis. A kalandar wayata na sa Deep work, amma ɗalibaina kusan duk Hausawa ne, kuma ina so su gane ba guje musu nake ba. An dawo mini da maƙala daga wata mujalla, masu tantancewa biyu sun kawo gyara 23, an ba ni sati uku. Ina kuma duba furojet na 'yan aji huɗu su 14. Ranar Litinin da ta wuce na ajiye takarda a gefe ina yin layi duk sanda aka ƙwanƙwasa: daga ƙarfe 8 zuwa 12 sau 11, kuma mafi tsawon zaman da na samu minti 35 ne. Sakin layi biyu kawai na rubuta. Yanzu na ware Talata da Alhamis, 7:30 zuwa 10:00. Me zan kira wannan lokacin?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Malama. Ai fassararsa a fili take: aiki mai zurfi.

Malamar Ilimin Ƙasa: Na gwada shi a baki, Baban Ummi, bai zauna ba. Mukan ce tunani mai zurfi, ilimi mai zurfi, amma aiki mai zurfi sai ka ji kamar haƙar rijiya.

Ɗan Birni: Idan hutun nan ne da ake ba malamai na shekara guda su je wata jami'a, ai sabatika kowa ke cewa, a bar shi haka.

Tsohon Lakcara: Ba shi ba ne, Ɗan Birni, wannan awa biyu da rabi ne a cikin ranar aiki. Malama, abu biyu kika haɗa a tambayarki, shi ya sa kalma ɗaya ke ƙin ɗauka. Akwai yanayin aikin, akwai kuma shingen da aka yi masa. Na farkon muna da shi tuntuni: duƙufa. Wanda ya duƙufa kan abu ba ya ɗaga kai. Wanda ya yayata kalmar Turancin, Cal Newport na Jami'ar Georgetown, a littafinsa na 2016, abin da yake nufi ke nan, har ya ce sabon shiga da ƙyar yake jure awa ɗaya a rana, gwani kuma ba kasafai yake wuce huɗu ba. To awa biyu da rabinki daidai ne, kada ki ƙara.

Sai dai ɗalibin da ke bakin ƙofa ba ruwansa da duƙufarki, shingen yake buƙatar ya gani. Kuma dalilin shingen ba mintin da ya ci miki ba ne. Sa hannu a fom minti uku ne. Amma in kina tsakiyar amsa mai tantancewa da ya ce adadin samfurin ƙasarki ya yi kaɗan, kina riƙe da abu huɗu a kai lokaci guda: abin da ya ce, teburin da ke da lambobin, maƙalar da za ki kafa hujja da ita, da jimlar da kika fara. Ƙwanƙwasa ɗaya ta zubar da su, sai kin sake tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Sophie Leroy ta nuna a bincikenta na 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa na nan maƙale a na farkon. Shi ya sa bayan ɗalibin ya fita kike ci gaba da tunanin babinsa na uku. Ni shawarata: hurumin rubutu. Hurumi a da fili ne da gari ya keɓe, ba a noma shi, ba a gini a kai, kuma kowa ya san iyakarsa.

Inna Lauya: Ranka ya daɗe, yau in ka ce hurumi, kotu mutane ke ji, wato ba ta da hurumin sauraron ƙara. Yaro ɗan shekara 22 bai san hurumin gari ba. Me ya hana halwa?

Alaramma Ƙarami: Halwa da i'itikafi a bar su inda suke, Hajiya. Keɓewa ce don ibada, ban so a ɗora su kan aikin albashi. Kuma mai halwa kwanaki yake yi, ba ya cewa zan fito ƙarfe goma.

'Yar Aji Huɗu: Malamai, ku yi haƙuri in sa baki. Ni kowace kalma aka sa, abin da nake nema a takardar shi ne yaushe zan dawo. Zangon da ya wuce sau uku ina biyan kuɗin adaidaita daga cikin gari don sa hannu ɗaya, ina tarar da ƙofa a rufe, ba rubutu, ba kowa. Mu ba ma sanin malami yana rubutu ne ko ya yi tafiya, shi ya sa muke ƙwanƙwasawa duk sanda muka ga motarsa.

Tsohon Lakcara: 'Yata, kin faɗi rabin maganar. Hurumin da ba a buɗe wa ƙofa a wani wuri ba, haura shi ake yi. Malama, takardar ta zama layi biyu: na sama lokacin rufewa, na ƙasa lokacin ganawa, misali Litinin da Laraba 12 zuwa 2, kuma kada ki saɓa na ƙasan ko sau ɗaya, don ran da suka zo ba ki nan, na saman ya mutu. Fom-fom kuwa shugaban aji ya tara su a fayil ɗaya ki sa hannu a zama ɗaya. In da hali ma ki bar ofis, ki je laburare, domin abokin aikin da ya shigo gaisuwa ba ya karanta takardar ƙofa, kuma ba za ki iya ƙin amsa sallamarsa ba.

Malamar Ilimin Ƙasa: Na gwada sati ɗaya, ga abin da na gani. Talata na tafi laburare, waya a kashe cikin jaka, na gama gyara biyar, har da mai wuyar nan ta adadin samfuri. Kafin in tashi na rubuta layi ɗaya: Alhamis a fara da gyara ta shida, teburi na biyu. Alhamis ba wanda ya dame ni, amma na ɓata lokacin da kaina: na daidaita jerin manazarta, na amsa saƙonni, na yi makin gwaji. Ƙarfe goma ta yi ban rubuta sabuwar jimla ko ɗaya ba. Shingen ya tsaya, duƙufar ce ba ta samu ba. Don haka na yarda abu biyu ne. A ƙofa na sa "Lokacin duƙufa, 7:30 zuwa 10:00. Ganawa da ɗalibai Litinin da Laraba, 12 zuwa 2", saboda maganar Inna Lauya ta shige ni. Hurumi na bar shi tsakanina da abokan aiki.

Baban Ummi: To in shugaban sashe ya sa taro ƙarfe tara na Talata fa? Ko lokacin jarrabawa da makin takardu ɗari uku?

Malamar Ilimin Ƙasa: Na jarrabawa na haƙura da shi, sati uku ba hurumi. Na shugaban sashe kuwa gobe zan je in gaya masa da bakina, in ji abin da zai ce.

Inna Lauya: Ni dai ina ganin "keɓaɓɓen lokaci" ya fi duƙufa saurin shiga kunnen yara. Ki tambayi ɗalibanki ranar Laraba wanne suka gane.