"Allah raka taki gona": addu'a ce ko gatse?

Sani Dilimi: Salamu alaikum. Shekara 4 ina koyon gyaran waya a wajen maigidana a kasuwar Taminus da ke Jos. Na samu shago a Abuja, jiya da dare na tura masa saƙo cewa ranar Asabar zan tafi. Amsarsa ita ce: "Allah raka taki gona. Ka fi ruwa gudu." Na rubuta "Amin, na gode." Abokina ya gani ya ce na kwafsa. Don Allah addu'a ya yi mini ko me?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya faɗa maka gaskiya, gatse ne. Ka duba abin da ake kira taki a gidan Bahaushe: kashin awaki da na kaji, tokar murhu, sharar tsakar gida da aka tara a juji. Ranar da aka ɗora shi a jaki aka nufi gona, mai gida daɗi yake ji, gidansa ya rabu da wari, kuma ba ya jiran ranar dawowarsa. Wanda aka faɗa wa wannan magana, shi aka mayar takin. Ana nufin tafi can, mun huta.

Ta biyun ma ta fi fitowa fili. "Ka fi ruwa gudu" ana faɗa wa wanda ya yi barazanar tafiya, wato ba mai riƙe ka. Ba a taɓa faɗa wa matafiyi haka da zuciya ɗaya ba. Mai sallama ta gaskiya cewa yake "Allah ya kiyaye hanya", ko "Allah ya sa a dace", sannan ya bi ka da tambaya: wa ka sani a can, ina za ka kwana, kana da kuɗin mota? Maigidanka ya riƙe ka shekara 4, bai tambaye ka ko ɗaya ba. Wannan shirun ya fi kalmomin nuna maka inda ya dosa.

Ɗanlami mai lambu: Hajiya, a gafarce ni, ni ban ga zagi a nan ba. Mu da muke noman rani a bakin tsofaffin ramukan kuza, da kuɗinmu muke sayen kashin kaji buhu-buhu, har tokar bola muke nema a cikin gari. Kabeji da karas ɗin da kuke saye a Farin Gada, taki ne ya raine su. Taki a gida ƙazanta ne, a gona arziki. Ashe ba cewa yake yaron ya je inda zai yi amfani ba?

Hajiya Ladi: Malam Ɗanlami, abin da ka faɗa game da taki haka yake, kuma nan ne ma maganar ta samu kaifinta. Idan ka bi ta kalma-kalma, ba inda za ka kama mutum da laifi: ga sunan Allah, ga rakiya, ga gona. Ka kai shi ƙara wurin manya ya ce ai addu'a ya yi. Amma karin magana da yadda ake amfani da ita ake auna ta. Ka taɓa jin uwa ta raka ɗiyarta ɗakin miji tana cewa Allah raka taki gona? Ko a faɗa wa maniyyaci a filin jirgi? Sai bayan baƙon da ya gundure ka ya juya baya, ko wanda ya yi fushi ya kwashi kayansa.

Ɗanlami mai lambu: To, ga amarya kam ban taɓa ji ba. Amma har yanzu ina ganin asalinta ba mugun nufi ba ne.

Maman Walida: Ni ma irin wannan ta same ni. Ban je sunan jikar gwaggona a Bukur ba, da yamma sai ga saƙo: "To madalla, kin kyauta." Na zaci ta ji cewa na aika da turmin atamfa, har na amsa da "ba komai Gwaggo". Ashe atamfar ba ta ma isa ba. Wata 2 ba ta ɗaga wayata. Da a baki ta faɗa, da na gane tun daga "to" ɗin, don akwai yadda take jan sa.

Malam Isiyaku: Abin da Maman Walida ta taɓo shi ne ya kayar da Sani. Gatse a murya yake zaune, da kallo, da taɓe baki. Rubutunmu na boko ko karin sauti da tsawon wasali ba ya nunawa, balle jan murya. "Sannu da ƙoƙari" ta yabo da "sannu da ƙoƙari" da uwa ke faɗa wa yaron da ya fasa tulu, harufansu ɗaya. Idan murya ta ɓace, abin da ya rage maka shi ne ka tambayi kanka: abin da na yi ya cancanci wannan kalma? Ba ka je suna ba aka ce ka kyauta, ka san da sake.

Sai kuma matsayin mai maganar. Da taubashinka ne ya rubuto, ko kakarka, ko kai Bafulatani shi Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, wannan ba'a ce ta abokan wasa, ka rama da wadda ta fi ta a yi dariya. Maigida da yaronsa ba wasa tsakaninsu.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne fassarar "mun huta". Gatsen babba sau da yawa kishiyar abin da ya furta yake nufi. Uwa ta ce wa yaro "je ka, taɓa wutar", hani take yi. Mutumin da ya koya maka sana'a, ya ji labarin tafiyarka a saƙon dare kwana kaɗan kafin ranar, ina ganin ciwo ya ji, ba murna ba.

Auwal Gangare: Ku bar yaro ya kama gabansa mana. Abuja akwai kasuwa, ya bi ta Akwanga da Keffi kafin azahar ya isa. Me zai zauna yi?

Malam Isiyaku: Auwal, ba wanda ya ce kada ya tafi. Yadda zai fita ake magana.

Sani Dilimi: Jikina ya yi sanyi. In sake tura masa saƙon ban haƙuri?

Hajiya Ladi: Kul. Saƙo ne ya jawo, kada ka ƙara wani. Shi a ganinsa "Amin" ɗinka ma gatse ka mayar masa. Gobe kafin a buɗe shago ka same shi a gida, kai da mahaifinka ko wanda ya kai ka wurinsa tun farko. Ka durƙusa ka ce ba ka fahimci maganar ba, kuma ka yi kuskure da ba ka zo da ƙafarka neman izini ba. Kada ka ambaci Asabar, ka bar shi ya sa rana. In ya hau ka da faɗa, ya lissafo abin da ya yi maka, Malam Isiyaku ya yi daidai, ka yi shiru ka sha, bayansa sallama za ta biyo. In kuwa ya ce "ai ba komai, na ce ka tafi" yana kallon wani wuri, gatsen bai ƙare ba, sai babban da ka tafi da shi ya karɓi maganar.

Malam Isiyaku: Ni dai ina kan cewa ciwo ne.

Hajiya Ladi: Ni kuma da mai ciwo kaɗai ne, da ya tsaya a ta farko. Sani, in kun dawo ka faɗa mana da wace kalma ya fara.